Kai da Baba ya miƙa wa kwalbar maganin feshi

Idan kai ne ɗan boko a gidanku, a Dogon Daji kake ko Sanyinna ko Kuchi ta Kebbe, ka san wannan: Baba ya dawo daga kasuwa da kwalbar maganin ciyawa, ya ce, "Karanta mana, me suka ce?" Sai ka ɗan leƙa, ka ce, "Ai gwangwanin madara biyu ake zubawa." To ɗan'uwa, wannan ba fassara ba ce, kintace ne, kuma yana iya cinye shukar shekara.

Mu ɗauka takardar ta ce 4 L/ha. Ma'anarsa lita 4 a hekta ɗaya, ba eka ba. Hekta ta kai kusan eka biyu da rabi, don haka idan ka ce wa Baba "eka", ka sa ya zuba kusan ninki biyu da rabi na abin da aka ce. Ga asarar kuɗi, ga haɗarin ƙone shuka.

Amma Baba ba hekta yake goyawa ba, fanfon feshi mai lita 16 yake goyawa. Sai ku cika shi da zallar ruwa, ya fesa da irin tafiyarsa ta kullum har ya ƙare, ku auna wurin. A ce ya ci mita 20 a faɗi, 40 a tsawo, wato murabba'in mita 800. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, ke nan fanfo 12 da rabi za ta sha. Raba mililita 4,000 gida 12 da rabi, ka samu mililita 320 a kowane fanfo. Wannan ita ce fassarar da Baba yake buƙata. A auna da kofi mai lamba, kuma idan mai feshi ko bakin fanfo ya canza, a sake gwajin.

Sai layin launin da ke ƙasan takardar. Ja yana nufin guba mai tsanani, kaɗan ma tana iya kisa. Rawaya, mai cutarwa. Shuɗi, a yi hattara. Kore shi ne mafi sauƙi, amma kar ka fassara shi da "ba ya komai". Idan kuma an rubuta kwanakin jira kafin girbi, ka faɗe su daidai, ko da ana hanzarin kai tattasai kasuwa.

Za ka ce dillali ya fi ka sani. Wataƙila. Sai dai wanda ya ɗura maka magani a gorar ruwa ya raba ka da takardar, kuma ita likita zai nema idan wani ya sha. Ranar da hakan ta faru, Allah Ya kiyaye, kar a ba shi madara ko manja, kar a sa shi amai. A garzaya asibiti da kwalbar a hannu.

Don haka gobe idan Baba ya miƙo, ka ce, "Baba, a ba ni minti biyar in lissafa."