Mita Saba'in da Biyar a Hanyar Gwaram: Me Ƙwaya Ke Yi wa Direba?

 

A masallatanmu na Birnin Kudu da Gwaram mun daɗe muna wa'azi a kan haramcin kayan maye, kuma babu mai jayayya da mu a kan hukuncin. Matsalar tana wani wuri daban. Direban da ya jefa tiramadol biyu a baki da asuba, ya kora da shayi, sannan ya ɗauko fasinja zuwa kasuwar Sara, ba ya ganin wa'azin nan da shi ake. A wurinsa mashayi shi ne mai tangaɗi da sambatu. Shi kuwa garau yake jin kansa, abin da ya sha "maganin aiki" ne. Haka ɗan acaɓan da ya zuƙi wiwi a bayan tasha, haka yaron mota da ya kurɓi kodin. Ra'ayinmu shi ne, muddin ana auna maye da tangaɗi, za mu ci gaba da yi wa mutane jana'iza muna cewa tsautsayi ne. Ma'aunin da ya dace da tuƙi shi ne daƙiƙa, kuma lissafinsa ba wuya.

Tsayar da mota aiki ne mai matakai. Ido ya ga abu, ƙwaƙwalwa ta gane cewa haɗari ne, ta yanke shawara, saƙo ya sauka zuwa ƙafa, ƙafa ta bar totur ta koma birki. Ga direba lafiyayye wanda abu ya zo masa ba zato, wannan kan ɗauki kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi. A duk tsawon lokacin nan mota tana tafiya da cikakken gudunta, domin ba a riga an taɓa birki ba.

Mu ɗauki misali daga hanyar da muka sani. Ƙaramar motar haya ta baro Birnin Kudu ta nufi Gwaram tana gudun kilomita 80 a awa, wanda shi ne iyakar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta yanke wa irinta a babbar hanya. Wannan gudu yana nufin mota tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Sai ga amalanken shanu ya hau kwalta daga gona, a tazarar mita 75. Direba mai cikakken hankali zai ci mita 33 kafin ƙafarsa ta isa birki. Idan kwalta busasshiya ce, taya da birki kuma masu kyau ne, motar na buƙatar kamar mita 36 kafin ta tsaya. Jimla mita 69. Zai tsaya da ragowar mita shida tsakaninsa da shanun. Fasinjoji za su yi salati, mai amalanke ya sha faɗa, kowa ya kama gabansa.

Yanzu a mayar da direban nan, a motar nan, a wurin nan, amma abin da ya sha ya ƙara masa daƙiƙa ɗaya tak. Mun zaɓi daƙiƙa ɗaya ne don sauƙin lissafi, tana iya gazawa, tana iya wucewa, gwargwadon abin da aka sha da yawansa. Zai ci kusan mita 56 kafin ya taka birki. Saura mita 19, alhali yana buƙatar 36. Motar za ta daki amalanken tana gudun da ya haura kilomita 50 a awa. Wannan ya isa ya kashe yaron da ke kora shanun, ya kuma jefo na gidan gaba ta gilashi. Direban bai yi tangaɗi ba, bai yi sambatu ba, da za ka tambaye shi hanya kafin ya tashi da ya amsa maka daidai.

Sai dai jinkirin ƙafa shi ne ƙaramar ɓarna. Babbar ita ce abin da kayan maye ke yi wa shawara. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna haɗari ya ce wa mutum "dakata", yana cikin wuraren da giya ke fara dusashewa. Shi ya sa mai maye yake jin ya fi kowa iya tuƙi a daidai lokacin da ya fi rauni, domin ma'aunin da zai gane rauninsa da shi ne ya lalace. Irin wannan direba ba ya tsayawa a 80. Idan ya kai 100, mota tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa, kuma cikin daƙiƙa biyu da rabi ta ci mita 69. Birkin da zai taka a sauran mita shida kusan ba shi da amfani: zai daki amalanken da gudun kilomita 95. Wannan lalacewar shawara ita ce ke sa a wuce tirela a kwana, a kuma ga fitilar babur da dare a ɗauka tana nesa.

Kowane abu da irin tasa ɓarnar. Giya tana rage saurin saƙo a ƙwaƙwalwa, tana ƙuntata gani har mutum ya daina lura da abin da ke fitowa daga gefen hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗari yana ƙaruwa sosai tun daga giram 0.04 na barasa a kowace desilita ta jini, adadin da yawancin mutane ba za a ga alamar maye a tare da su ba. Wiwi tana rikita auna tazara da lokaci, motar mai shanta takan riƙa karkata daga layinta. Diyazafam da rochi magungunan kwantar da jiki ne da sa barci, kuma diyazafam yakan daɗe a jiki, wanda ya sha da dare yana iya wayar gari da nauyinsa.

Tiramadol ne ya fi yaudarar mutanenmu, don haka mu tsaya a kansa. Maganin ciwo ne daga dangin da kodin ya fito. Abin da aka amince da shi a Najeriya shi ne mai miligiram 50 da mai 100, da takardar likita, kuma likitoci ba sa wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum. Wanda ake sayarwa a ɓoye kuwa akwai mai 225. Biyu daga cikinsa sun riga sun haura iyakar yini guda. Abin da yake yi wa direba shi ne ya toshe ciwon baya da tsamin jiki, sai ya zaci gajiya ta tafi. Gajiyar tana nan, an kashe mai ba da labarinta ne kawai. Ƙwaƙwalwar da ta kwana ba barci tana iya ɗaukewa na daƙiƙa biyu ko uku ido a buɗe, kuma a gudun 80 daƙiƙa uku mita 66 ne ba matuƙi. Ga jiri, ga gyangyaɗi, sannan yawansa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya fitar tare da gwamnatin Najeriya a 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ne ke shan irin waɗannan magungunan ciwo ba bisa ƙa'ida ba, mafi yawa tiramadol. Ba mu da dalilin zaton tashoshinmu sun kuɓuta.

Akwai kuma dabarun da ake yaudarar kai da su: goro, shayi mai kauri, wanka da ruwan sanyi. Suna buɗe ido, ba sa fitar da komai daga jini. Hanta ce ke wannan aiki, kuma ba ta gaggawa. A giya, tana rage kimanin 0.015 a awa. Wanda ya kwanta da sha biyun dare jininsa na 0.15, da ƙarfe shida na safe yana kusa da 0.06, har yanzu sama da inda haɗari ke tashi, ko da ya yi wanka ya sa farar riga. Haɗa biyu kuwa, kamar kodin da diyazafam, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi.

Kada mai tsoron Allah ya ce wannan magana ba ta shafe shi ba. Firiton da muke sha don mura halal ne, amma yana sa barci. Wanda aka rubuta wa magani a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko ya saya a kemis, ya tambaya ko ana tuƙi bayan shansa. Shan ba laifi ba ne, hawa sitiyari da nauyinsa ne abin tambaya.

Shari'a ta riga mu zuwa wannan ma'auni. Tun kafin haramcin giya ya sauka gaba ɗaya a Suratul Ma'ida, aya ta 43 a Suratun Nisa'i ta hana mai maye kusantar salla, kuma iyakar da ta sa ita ce mutum ya san abin da yake faɗa. Ba ta ambaci faɗuwa ko tangaɗi ba. A hadisin Nana A'isha da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an umarci mai gyangyaɗi a salla ya kwanta har barci ya sake shi. Idan an dakatar da mutum daga ibadar da kuskurensa a cikinta kansa zai tsaya, yaya wanda ya ɗauko rayukan mutane? A mazhabarmu ta Malikiyya, mayen da mutum ya jawo wa kansa ba ya sauke masa alhakin jini, kamar yadda ɗalibai suka karanta a Risala. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta tabbatar da cewa bin dokokin hanya wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar lamunin ɓarnar da sakacinsa ya jawo. Mafi sauƙin abin da ke kansa idan rai ya salwanta shi ne hukuncin kisan kuskure a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i: diyya, da kaffarar azumin wata biyu a jere. Yafewar dangi tana sauke diyya, kaffara kuwa tana nan.

Muna ganin alhakin bai tsaya a kan direba ba. Mai motar da ya yanka wa yaronsa balas ɗin da ba ya samuwa sai da sawu uku ba barci, ya san da me ake cike giɓin. Shugabannin tasha sun fi jami'in kan hanya sanin wanda ke sha, kuma a hannunsu layin lodi yake: su hana shi lodi ranar, wannan ya fi tara tasiri. Fasinja ma yana da ido. Kafin a tashi, a lura da harshe mai nauyi, da jan ido, da yawan soshe-soshe, da zufa ba zafi, da amsar da ke zuwa a makare. Bayan an tashi, alamun su ne birki a ƙurarren lokaci, da manne wa motar gaba, da taya tana sauka gefen kwalta tana dawowa, da gudu yana hawa yana sauka ba dalili. Idan biyu ko uku suka haɗu, a yi magana, kuma dattijon da ke cikin motar ya fara, domin an fi jin nauyinsa. In direba ya ƙi ji, a sauka a gari na gaba, a bar masa kuɗin motar, a kuma kai lambarta ga shugabannin tashar da ya yi lodi.