"Mun canza asusu": saƙon da ya yashe Facebook da Google, kuma yana iya sauka a teburinka

Kai da ka samu aiki a sashen kuɗi na wani kamfani, ko aka tura ka bautar ƙasa ofishin akanta, ko kuwa kai ne kake riƙe wa babanka lissafin shago a Kwari ko Singa, wannan maganar da kai nake. Yawancinmu mun iya gane sata idan an fasa kanti ko an yi kutse a waya. Amma akwai satar da ba a fasa komai, kai da kanka za ka tura kuɗin, ka rubuta a littafi cewa ka biya bashi, ka tafi gida hankali kwance. Sai bayan sati uku mai kaya ya kira ya ce, "Ina kuɗina?"

Kada ka ɗauka sai marasa wayo ake yi wa haka. Tsakanin 2013 da 2015, wani ɗan ƙasar Lituweniya mai suna Evaldas Rimasauskas ya karɓe sama da dala miliyan 120 daga Facebook da Google. Ya san cewa kamfanonin biyu suna sayen kayan kwamfuta daga wani kamfanin Taiwan mai suna Quanta Computer, kuma sun saba tura masa miliyoyi. Sai ya yi rajistar nasa kamfanin a Latbiya da wannan sunan daidai, ya buɗe asusu a Latbiya da Saifurus, aka riƙa aika wa ma'aikatan kuɗi takardun neman biya na jabu, har da kwantiragi da hatimi. Suka biya. An kama shi a 2017, kotu a New York ta ɗaure shi shekara biyar a Disamba 2019.

Lura da abin da ya yi aiki a nan. Sunan mai kayan na gaske ne, cinikin ma abu ne da aka saba. Abu ɗaya aka sauya, shi ne inda kuɗin zai sauka. Har yau dabarar ba ta tsufa ba: hukumar FBI ta ce a 2023 kawai, ƙorafe-ƙorafen da ta samu kan irin wannan damfara ta imel sun kai asarar kusan dala biliyan 2.9.

Bari mu kawo abin kusa, mu ɗauki misali. A ce kana aiki a wata masana'antar shinkafa, kun yi odar buhu 20,000 a kan naira 350 kowane ɗaya. Kuɗin kaya naira miliyan 7, harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari ya kama naira 525,000, jimilla naira 7,525,000. An kawo kaya, an ba ku takardar neman biya, wadda 'yan ofis ke kira inbois, mai lamba INV-0457, kuma an yi da ku za ku biya ƙarshen wata. Ranar Alhamis da yamma sai ga imel: "Ana binciken tsohon asusunmu, don Allah a tura kuɗin INV-0457 wannan sabon asusun kafin gobe." Tambarin kamfanin ne a sama, sa hannun manajan da ka sani ne a ƙasa, kuɗin kuma daidai yake har kwabo.

To me za ka duba? Fara da adireshin da saƙon ya fito, ba sunan da ya bayyana a fuskar waya ba. Taɓa sunan ka ga cikakken adireshin, ka kwatanta shi harafi da harafi da wanda kuka saba. 'Yan damfara kan sayi adireshi mai kama da na gaske, su sa `rn` a madadin `m`, ko lamba `1` a madadin harafin `l`. A ƙaramin allon waya ba ka ganin bambancin. Sannan danna maɓallin amsawa ka ga inda amsar za ta tafi, domin wani lokaci saƙon yana ɗauke da wani adireshin daban a gurbin `Reply-To`.

Sai dai ko adireshin ya yi daidai, magana ba ta ƙare ba, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Ka tuna Obinwanne Okeke, wanda aka fi sani da Invictus Obi, da mujallar Forbes Africa ta taɓa sakawa cikin matasan 'yan kasuwa masu tashe? A Afrilun 2018 an aika wa shugaban sashen kuɗi na kamfanin Unatrac, mai sayar da manyan injinan Caterpillar, wani saƙo da ya kai shi shafin shiga imel na bogi. Ya rubuta kalmar sirrinsa. Daga nan aka riƙa aika umarnin biya da inbois na jabu daga cikin akwatin imel ɗinsa na gaske, ma'aikata suna biya don sun ga saƙon oga ne. Kusan dala miliyan 11 suka fita. Kotun Amurka ta ɗaure Okeke shekara goma a 2021. Ka ga ke nan, idan ɓarawo ya shiga akwatin mai kayanku, ya karanta hirarku duka, ya san lambar inbois, ya san ranar biya, har ya san yadda manajan yake gaisuwa. Shi ya sa saƙon da ya zo maka ya san adadin kuɗin har kwabo.

Don haka gwaji na gaske ba a cikin imel yake ba. Ɗauki waya ka kira mai kayan, amma da lambar da ke cikin fayil ɗinku tun ranar da aka fara hulɗa, ba lambar da aka rubuta a ƙasan sabon saƙon ba. Idan ka kira wadda ke cikin saƙon, ɓarawon ne zai ɗauka, ya ce maka eh, mun canza. Kuma idan ka samu mutumin da ka sani, kada ka karanta masa lambar asusun ya ce "haka ne". Ce masa shi ya karanto maka. Haka nan idan saƙon ya zo ta WhatsApp daga sabuwar lamba mai hoton Alhaji, hoton ba shaida ba ne, kowa na iya ɗaukarsa.

Mu a Najeriya muna da wata garkuwa da ya kamata a yi amfani da ita. Idan ka saka lambobi goma na asusu a manhajar banki, sunan mai asusun yana fitowa kafin ka tura. Karanta shi a tsanake. Kamfani mai rajista da kuka shekara uku kuna biya da sunansa, yau kuma sunan wani mutum ya fito? Tsaya. Amma ka san iyakar wannan gwajin: Rimasauskas da sunan Quanta ya buɗe asusunsa. Ana iya rajistar suna mai kama da na mai kayanku, a ƙara kalma ɗaya a ƙarshe. Dacewar suna tana rage shakka, ba ta maye gurbin kiran waya.

Yanzu ga ɗaya matsalar, wadda ba ta da hayaniya: biyan inbois ɗaya sau biyu. Koma kan misalinmu. An biya INV-0457 a watan jiya. Wannan watan sai ga wata mai lamba INV-457, naira 7,525,000, daga mai kaya ɗaya. Manhajar lissafi tana hana maimaita lamba ne idan lambobin sun yi daidai sak, don haka cire sifili ɗaya ya isa ta wuce. Wani lokaci kuskure ne kawai, an aiko ɗaya ta imel, direba kuma ya kawo ta takarda. Wani lokaci kuwa da hannun na ciki, don ɓarawon gida ya fi sanin inda ƙofa ba ta rufuwa.

Maganinta kada ka dogara da lamba, ka nemi sunan mai kaya da adadin kuɗi da suka maimaitu tare. Idan a Excel kuke lissafi, a ce sunan mai kaya yana layin B, kuɗi yana layin D, saka wannan ka ja shi ƙasa:

```
=COUNTIFS(B:B,B2,D:D,D2)>1
```

Duk inda ya nuna `TRUE`, ka ciro takardun ka duba. Ba duka ne na jabu ba, kuɗin haya ko na masu gadi kan zo iri ɗaya kowane wata. Abin da zai raba gardama shi ne takardu uku: takardar odar da kuka bayar, takardar da mai sito ya sa wa hannu cewa kaya sun shigo, da inbois ɗin. Oda ɗaya ce ta buhu 20,000, sito ya karɓi 20,000 sau ɗaya, to inbois ta biyu ba ta da uwa ba ta da uba. Wannan gwajin ne kuma yake kama inbois ta ƙarya gaba ɗaya, wato kuɗin kayan da ba wanda ya yi oda, ba wanda ya gani.

Na san abin da za ka ce: "Ni ƙaramin ma'aikaci ne, idan oga ya ce a biya yanzu, ya zan yi?" Gaskiya ne, kuma wannan kunyar da tsoron su ne jarin ɗan damfara. Shi ya sa yake aiko saƙo dab da tashi, ko ranar jajibirin hutu, ya haɗa da "cikin gaggawa". Ba sai ka yi gardama ba. Ce, "Ranka ya daɗe, asusun ya canza, a ba ni minti biyar in kira su." Sannan ka rubuta wanda ka kira, da lambar, da lokacin. Abin da ya fi shi ne ofis ya mai da shi doka: wanda ya sauya lambar asusun mai kaya a manhaja ba shi ne zai amince da biyan ba, sai mutum na biyu ya duba. Idan doka ce, ba wanda zai ce ka raina shi.

Idan kuwa kuɗi sun riga sun fita, kada ka ɓoye don tsoron kora. Masu wannan aiki kan rarraba kuɗin zuwa wasu asusai cikin sa'o'i, saboda haka kira bankinku nan take a nemi bankin da ya karɓa ya riƙe asusun, a kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC, kuma kada a goge imel ɗin, shi ne shaida. A sanar da mai kayan ta waya ya canza kalmar sirrinsa, domin mai yiwuwa ɓarawon yana cikin akwatinsa yana yi wa wasu abokan cinikinsa irin wannan.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafe ka ko da ba ka taɓa shiga ofishin akanta ba. Wancan "sabon asusun" na wani ne. Sau da yawa na matashi ne da aka ce masa, "Ara mini asusunka, wasu kuɗi za su shigo, ka ɗauki kasonka." Idan bincike ya tashi, sunan da ke kan asusun da lambar BVN ɗinsa ake fara bi, wanda ya ba ka aikin kuwa ya kashe waya. A misalinmu, za ka samu 'yan dubbai, a tambaye ka naira 7,525,000.