Abin Da Ya Sa Gari Ya Fi Ƙauye Zafi

Yara, kun san yadda bazara ta ke a Haɗejiya. Daga watan Maris zuwa Mayu, sau da yawa ma'aunin zafi ya kan wuce digiri 40 da rana. Amma akwai wani abin mamaki. Idan dare ya yi, mutanen cikin gari su kan fito da tabarmi tsakar gida, suna ta fifita, barci ya gagara. A wannan lokaci kuwa, manomin da ya kwana a bukkarsa ta fadama, wajen Auyo ko Kirikasamma, iska mai sanyi ce ke kaɗa shi. Rana ɗaya ce ta haska su duka. To, me ya kawo bambanci?

Masana suna kiran wannan abu tsibirin zafi. Kun ga yadda tudu ya kan tsaya shi kaɗai idan kogin Haɗejiya ya cika ya malala fadama. Haka gari ya ke tsayawa da zafinsa, karkara mai sanyi ta kewaye shi. Wani Bature mai suna Luke Howard ne ya fara auna wannan a birnin Landan, ya buga littafinsa a 1818. Ya tarar da dare birnin ya fi ƙauyukan kewaye zafi da kamar digiri 2.

Dalili na farko shi ne launi. Baƙin abu yana shan hasken rana, farin abu kuwa yana mayar da shi. Sabuwar kwalta ta kan shanye fiye da kashi tara cikin goma na hasken da ya sauka a kanta. Kwanon rufi da ya tsufa ya yi tsatsa shi ma haka ya ke sha. Bulo da siminti kuma su kan tara zafi tun safe, su riƙe shi, sai da dare su riƙa sakinsa kaɗan kaɗan. Ku taɓa bangon siminti na yamma bayan sallar lisha, za ku ji shi da ɗumi kamar murhun da aka kashe. Shi ya sa bambancin ya fi fitowa da dare.

Dalili na biyu shi ne rashin ruwa da ganye. Ku tuna da randa. Ruwa ya kan tsattsafo ta jikinta, iska ta busar da shi, in ya tashi sai ya tafi da zafi, ruwan ciki ya yi sanyi. Itace ma haka ya ke yi: saiwa ta jawo ruwa daga ƙasa, ganye ya sake shi cikin iska. Watau fadama wata babbar randa ce. A cikin gari kuwa, an sare itatuwa an yi gini, ruwan sama ya bi lambatu ya wuce, ba abin da ya rage da zai sanyaya iska. Ga kuma motoci da babura da injunan wuta suna ƙara nasu zafin.

Magani iri uku ne aka sani. A ganina, ba ɗaya su ke ba a wurinmu, sabo da haka bari mu auna kowanne.

Na farko shi ne yin lambu a kan rufin gida. A birnin Basel na ƙasar Suwizalan, tun 2002 doka ta ce duk sabon gini mai shimfiɗaɗɗen rufi sai an yi shuka a kansa. Dabara ce mai kyau, gama ƙasa da ganye suna kare rufi daga rana. Amma mu yi lissafi. Jiƙaƙƙiyar ƙasa mai kaurin santimita 10, a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, ta kai nauyin buhun siminti 3. Ɗaki mai mita 4 kowane gefe yana da irin wannan fili 16. Watau buhu 48 ke nan a bisa kan masu barci! Kwano ba ya ɗaukar wannan kaya. Soron ƙasa kuwa babban abokin gabansa danshi ne: in ana ba da ruwa kullum, azara ta ruɓe, rufi ya rufta. Wannan dabara sai gini mai ƙarfi na kankare, wanda magini masani ya shirya domin haka tun daga tushe.

Na biyu shi ne farin rufi. Farin fenti ya kan mayar da kamar kashi bakwai ko takwas cikin goma na hasken rana. Kuna iya gwadawa a makaranta. Ku sami gwangwani biyu iri ɗaya, ku shafa wa ɗaya baƙin tukunya, ɗayan farar ƙasa. Ku cika su da ruwa, ku rufe, ku ajiye a rana daga hantsi zuwa azahar, sa'an nan ku tsoma yatsa. A birnin Ahmedabad na Indiya, a 2017, an shafa wa rufin dubban gidajen talakawa farar ƙasa domin wannan dalili. Abin yana da araha, kuma a ranar da aka shafa ya ke fara aiki. Aibinsa ɗaya: ƙurar hunturu ta kan rufe farin. In kun ga rufi ya koma ja-ja, ƙarfinsa ya ragu. Sabo da haka a wanke shi ko a sake shafawa cikin Fabrairu, kafin bazara ta kama.

Na uku shi ne itace, kuma shi na fi so, gama aiki biyu ya ke yi: ga inuwa, ga sanyaya iska. Darbejiya, wadda aka fara kawowa Barno a 1928, tana riƙe ganyenta a lokacin zafi, tana kuma jure fari. Mangwaro da tsamiya su ma suna da inuwa mai kauri. A dasa a yamma da ɗaki, domin ranar la'asar ce ta fi gasa bango. A bar kamar taki biyar na babban mutum tsakanin rami da gini, kada saiwa ta tsaga shi. A dasa da farkon damina, bayan ruwa ya zauna. Abu biyu ke kashe dashe: akuya da ƙishirwa. A kewaye shi da ƙaya, a ba shi ruwa a rani biyu na farko. Wanda ya dasa ya tafi bai waiwaya ba, aikin banza ya yi.

Shawarata ga mutanen Haɗejiya ita ce: a shafa fari bana, domin a sami sauƙi nan da nan. A dasa itace da damina, domin inuwa sai an jira ta shekaru. Lambun kan rufi kuwa a bar wa manyan gine-gine. Ku kuma, kowane aji ya ɗauki itace guda a yammacin ɗakin karatunsa, ya rene shi har ya fi ƙarfin akuya.

Tambayoyi
1. Me ya sa bangon siminti ya ke da ɗumi da dare?
2. Ta yaya itace ya yi kama da randa?
3. In ɗaki mita 3 ne kowane gefe, nauyin buhu nawa lambu zai ɗora masa?