Kai Kaya Sito Ba Shi Ne Sayar da Kaya Ba

A kamfanoni da yawa da ke rarraba kayan masarufi, mitin ɗin ƙarshen zangon wata uku ba ya wuce tambaya ɗaya: wakili ya cika adadin da aka gindaya masa ko bai cika ba? Wanda ya cika a ba shi kamasho, wanda ya gaza a ba shi takardar gargaɗi. Manajojin da ke yin haka suna kiransa adalci, wai lissafi ba ya son kai. Alhali ragwanci ne, kuma kamfanin ne ke biyan kuɗinsa a zango na gaba.

A ɗauka wani wakili ne da ke kula da 'yan sarin sabulu da omo a Kasuwar Singa ta Kano. An ɗora masa cinikin naira miliyan 90, ya kawo miliyan 99. A takarda gwarzo ne. Amma da za a warware adadin wata-wata, sai a ga miliyan 22 a watan farko, 24 a na biyu, sannan 53 a na uku, kuma miliyan 35 daga ciki a kwana goma na ƙarshe suka shigo, daga diloli huɗu kacal, duk bashi. Mutanen Kano ba su ninka wanki a kwana goma ba. Abin da ya faru shi ne wakilin ya lallaɓi manyan dilolinsa da rangwame da alkawarin ɗaga musu ƙafa, suka karɓi kayan da ba su buƙata, domin rasit ya fita kafin a rufe littafi.

Rajistar zirga-zirgarsa ce za ta fara tona wannan. An tsara masa ziyarar shaguna sau 600, ya yi 580, abin da zai burge duk wanda ke ƙirga ziyara kawai. Sai dai 170 ne suka haifar da oda, wato ƙasa da ɗaya cikin uku. Ma'aunin da ke da amfani ke nan, domin ziyara ita kaɗai ba ta da wuyar ƙirƙira: a leƙa shago, a gaisa, a danna waya, a wuce.

Ga kuma abokin aikinsa da ya tsaya a miliyan 81, miliyan 27 kowane wata, da ziyara 480 waɗanda 290 daga cikinsu suka kawo oda, kuma dilolinsa sun biya. Me ya hana shi cikawa? Adadi ba zai faɗa ba, rajista ma haka. Bakin masu shaguna ne zai faɗa, idan sun ce sau biyu suka ba da oda mota ba ta zo daga defo ba sai bayan mako guda, har suka sari na wani kamfani. A nan takardar gargaɗin ta ɓata hanya, sashen sufuri ya kamata ta nufa.

Jin ta bakin abokan ciniki kuwa yana da nasa tarkon, wanda masu kwafo takardun tambayoyi daga waje ba su cika lura da shi ba. Ɗan kasuwa mai kara ba zai kushe yaro a gaban maigidansa ba. A tambaye shi yaya wakilin yake, zai ce yaron kirki ne, Allah Ya yi masa albarka, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. Tambayar da ke fito da gaskiya ita ce wadda amsarta lamba ce ko rana: katan nawa suka rage a sito daga kayan watan jiya? Yaushe rabon da ya zo? Kayan da suka lalace, ya karɓe su kamar yadda ya yi alkawari? Dilan da ya ce yana da abin da zai ishe shi wata biyu ya gama bayanin miliyan 35 ɗin nan ba tare da ya zargi kowa ba.

Wasu manajoji za su ce ai tuni suke haɗa ukun, suna ba adadi kashi 60, zirga-zirga 25, ra'ayin abokan ciniki 15, su tara maki. Wannan ma bai tsira ba. A irin wannan lissafi wakili na farko ne zai sake zuwa na ɗaya, tunda ya zarce adadi, ya cika ziyara, kuma an yabi halinsa. Tarawa tana binne saɓanin da ke tsakanin ma'aunan, alhali saɓanin ne ke ɗauke da labarin. Ciniki ya yi sama, oda ta yi ƙasa, sito ya cika maƙil: wannan cusa kaya ne. Ciniki ya ragu, oda na shigowa, ana kukan jinkiri: matsalar tana defo.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, cewa ba da ziyara ko yabo ake biyan albashi ba, da kuɗi ake biya. Gaskiya ne, kuma ita ce ta fi kayar da wakili na farko, domin miliyan 35 ɗinsa ba su shiga asusu ba tukuna. Manajan da ya yarda da wannan hujja sai ya lissafa kamasho a kan abin da aka biya, ya riƙe sauran har bashin ya fito, sannan ya duba odar dilolin nan huɗu a watan farko na sabon zango kafin ya sa hannu a takardar kowa.