Kuskuren da Jan Layi Ba Ya Gani

Da yawa daga ɗalibanmu sun ɗauka cewa muddin waya ba ta ja jan layi a ƙarƙashin kalma ba, to rubutu ya tsira. Ba haka abin yake ba. Manhajar duba rubutu, a asalin aikinta, tambaya ɗaya take yi: shin wannan kalma tana cikin ƙamusuna? Idan tana ciki, sai ta wuce, ko da ta zauna a gurbin wata. Sababbin manhajoji kan ɗan duba nahawu, amma gajeren saƙo ba ya ba su isassun kalmomin da za su yi hukunci da su.

Ɗauki wannan saƙo, irin wanda wakilin aji kan tura wa malami: "Sir, there waiting for they're scripts their." Kowace kalma Turanci ce ingantacciya, amma uku sun zauna a kujerun juna, saboda furucinsu ɗaya ne, kuma mai sauri da kunne yake rubutu.

Maganin yana hannun Bahaushe, domin harshensa bai haɗa su ba. Fassara gurbin kawai. Idan ma'anar "suna" ce ko "su ne", to they're ake so, wato they are da aka gutsure, waƙafin sama yana tsaye a madadin harafin da ya faɗi. Idan "nasu" ce, kamar a "takardunsu", their ce. Idan "can" ce ko "akwai", there ce. Saƙon yana nufin suna jiran takardunsu a can, don haka: "They're waiting for their scripts there."

A kula da wuri ɗaya. Wasu malamai kan ce duk inda aikatau mai ƙarewa da -ing ya biyo baya, they're ce. Wannan doka tana da rami. A "Their coming late annoyed him", their ce daidai, domin ma'anar "zuwansu a makare" ce, ba "suna zuwa" ba. Fassarar ta kama abin da dokar ta kasa kamawa.

Waɗannan dai mutuncin marubuci kawai suke taɓawa. Mai karatu zai gane, ya yi tsaki, ya wuce. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne now da not. "The list is now out" da "The list is not out" harafi ɗaya ya raba su, duka biyun kuma daidai suke a nahawu, sai dai ɗaya zai sa ɗalibi ya biya kuɗin mota daga Gusau zuwa Zariya a banza.

Mu ma da Hausa ba mu tsira ba. Wanda allon wayarsa ba shi da haruffa masu lanƙwasa, ya rubuta "an kama baki uku", ya bar mai karatu da aikin gano cewa baƙi yake nufi. Shi kuwa "baƙi" ko da lanƙwasarsa, tsawon wasali da karin sauti ne ke raba launi da mutanen da suka zo daga nesa, kuma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu.