A yi maganar kuɗi kafin a sa rana

Idan yaro ya fito neman ƴarmu, mukan tura a binciko asalinsa, sallarsa, da abokan da yake yawo da su. Abin da ba mu tambaya shi ne yadda kuɗi ke shiga hannunsa da yadda suke fita. Yarinya na tsoron a ce mata mai kwaɗayi, uba na tsoron a ce sayar da ƴa zai yi. Sai a yi shiru, a ɗaura aure, wata uku bayan buki a fara rigima kan kuɗin cefane. Ni a ganina wannan shirun ba kunya ba ce, sakaci ne.

Ga abin da na gani a gidanmu, a Maradi. Ɗiyar ƙanwata malamar lakwal ce, ta samu manemi, shi ma malami ɗan kwantaragi. Ta san yana ɗaukar kusan jika 90 a wata, sai ta ɗauka zai riƙe gida. Ba ta san cewa jika 15 na haya ne, jika 20 na hatsin iyayensa a ƙauye, jika 10 na adashi, jika 15 kuma na bashin babur ɗin da yake zuwa zance da shi ba. Abin da ya rage jika 30 ne, wato jika 1 a rana, a ciki za a yi cefane, a sa wa babur mai, a sayi magani. Shi kuma a ransa ya riga ya ɗora kuɗin ruwa da wuta a kan albashinta, alhali ita ta san a shari'a ciyarwa na kan miji, albashinta nata ne, har ta yi alkawarin biya wa ƙannenta kuɗin karatu. Babu wanda ya yi wa wani ƙarya. Kowa dai ya yi lissafi da aljihun ɗan'uwansa ba tare da ya tambaya ba.

Abin da ya cece su shi ne yadda aka buɗe maganar. Gwaggonta ta ce mata: “Kada ki tambaye shi nawa yake samu. Ki fara faɗin naki.” Da ya zo hira sai ta ce: “Malam, ni dai albashina kaza ne, kuma ina biya wa ƙannena biyu makaranta. Kai su wa ke kanka?” Wanda ya fara buɗe tasa jaka ba a ce masa mai bincike. Tambayar “su wa ke kanka?” kuma girmamawa ce, don tana nuna an san shi mai ɗaukar nauyi ne, ba a auna shi da abin da ya tara.

Tambaya ta biyu ita ce: idan albashi ya makara, yaya ake yi? Kowane malami ya san watan da ake kaiwa tsakiya ba a biya ba. Amsar ita ke nuna hali. Wani ya ajiye buhun hatsi tun kaka, wani mai kanti ke rubuta masa, wani kuma sai ya ci bashi a nan ya biya can. Ta uku ta shafi su biyun: me kowa ke kashe wa kuɗi da ba ya son a hana shi? Ita anko da gudummawar buki, shi shayin fada da kuɗin waya. Idan aka faɗa cikin raha tun yanzu, gobe ba za ta zama gori ba.

Wasu za su ce arziki na Allah ne, aure kuma da albarkarsa yake zuwa. Haka ne, kuma ba na cewa a ƙi talaka. Yaron nan da jika 30 ɗinsa aka ba shi, bayan sun yarda za ta riƙa biyan kuɗin ruwa don ranta, a rage kayan akwati, a jinkirta buki sai bashin babur ya ƙare. Ƙarancin kuɗi ba shi ne abin tsoro ba. Wanda za a ji tsoro shi ne mai fusata idan an tambaya, ko wanda lissafinsa ke sauyawa duk zuwa, ko mai kyauta da ta fi ƙarfin aikinsa.

Lokacin wannan magana shi ne bayan manya sun san da nema, kafin a karɓi sadaki. Kafin nan ta yi wuri, bayan an sa rana kuwa kowa na jin nauyin janyewa. Iyaye, idan ƴarku ta kasa, ku tura kawu ko gwaggo. Ku kuma koya wa ɗanku ya faɗi bashinsa da bakinsa, kafin mai bin bashi ya yi sallama a ƙofar amarya.