Shafin ƙarshe: a faɗa wa mutane abin da za su yi, ba godiya kawai ba

A wannan mako za mu yi magana ne kan shafi guda ɗaya tal cikin gabatarwar da ake haɗawa a PowerPoint, wato silaid ɗin ƙarshe. Kusan kowa ya san yadda yake: hoton furanni ko na hannaye biyu suna musabaha, a tsakiya an rubuta "Thank You" da manyan baƙaƙe. Mu ma haka muke yi a da, har sai da abin ya ba mu kunya.

A hutun bara mu huɗu muka koma tsohuwar makarantarmu ta sakandare da wata shawara. Mun lura cewa duk shekara 'yan aji shida suna gama WAEC da NECO su tafi da littattafansu gida, su ajiye a ƙarƙashin gado gara ta ci, alhali ƙannensu 'yan aji huɗu suna yini suna neman aron littafin lissafi ko na kimiyya. Muka ce me zai hana masu fita su bar littattafan a laburaren makaranta? Aka ba mu minti goma sha biyar a ɗakin taro, aka kunna janareta, aka ɗaura majigi. Mun shirya silaid goma sha biyu, har da hoton kantocin laburare babu komai a kansu. Da muka kai ƙarshe sai ga furanninmu da "Thank You". Aka yi mana tafi sosai, muka fita muna jin mun yi abin kai.

Bayan mako biyu muka leƙa wajen malamin laburare. Littattafai uku aka kawo, ɗaya ma ba bango. Da muka tsayar da wata ɗaliba muka tambaye ta, sai ta ce: "Wallahi Yaya, na so in kawo, amma ban san wa zan ba ba. Na ɗauka za ku dawo ku karɓa." Nan muka gane ba rowa ce ta hana su ba. Sun yarda da maganarmu, amma mun sallame su ba tare da mun nuna musu ƙofa ba.

Abin da bai zo mana a rai ba a lokacin shi ne, silaid ɗin ƙarshe ya fi kowane daɗewa a kan allo. Sauran kowanne yakan yi minti ɗaya ko biyu ya wuce. Shi kuwa yana nan tsaye ana tafi, yana nan ana tambayoyi, yana nan shugaban makaranta yana jawabin rufewa, har mutane su fara fita. A taronmu ya yi kusan minti ashirin a gaban ɗalibai, kuma duk tsawon wannan lokaci abin da yake faɗa musu kalmomi biyu ne da ba su buƙatar a rubuta. Godiya ai da baki ake yin ta, ana kallon idon mutane, kuma ta fi daɗi a haka.

To, me ya kamata a rubuta a wurin? Da zango ya zagayo aka sake ba mu dama, sai muka zauna muka gwada. Abin da muka fara rubutawa shi ne: "Mu taimaka wa ƙannenmu." Yana da daɗin ji, amma ba aiki ba ne, fata ne. Wanda ya karanta zai gyaɗa kai ya tafi, domin babu abin da hannunsa zai iya kamawa. Muka sake: "A kawo tsofaffin littattafai laburare." Wannan ya fi, amma har yanzu da saura. Wa zai kawo? Guda nawa? Yaushe? Kalmar "a kawo" tana barin kowa ya ɗauka da na kusa da shi ake. Kuma aikin da ba a sa masa rana ba, gobe ce ranarsa kullum.

Ga abin da muka tsaya a kai daga ƙarshe:

Kawo littafi ɗaya da ka gama da shi
Ranar Juma'a, 14 ga wata, lokacin tara
Teburin da ke ƙofar laburare
Rubuta sunanka a bangon ciki, za a bar shi a nan

Ku duba layin farko. Da umarni ya fara, "kawo", kuma da mutum ɗaya yake magana, ba da taro ba. Mun yi gardama a kan "ɗaya". Ɗaya daga cikinmu ya ce mu rubuta "duk littattafanku", tunda su muke so. Amma wanda aka ce ya kawo duka sai ya fara tunani: idan sakamako bai yi kyau ba fa, in sake zama? Ƙanina na gida fa? Sai ya fasa gaba ɗaya. Littafi ɗaya kuwa ba ya buƙatar shawara da kowa. Kuma wanda ya buɗe akwati don ɗauko ɗaya, sau da yawa da biyu ko uku yake fitowa.

Layi na biyu da na uku suna amsa tambayar da ɗalibar nan ta yi mana. Mun sa rana da kwanan wata tare, domin "Juma'a mai zuwa" takan rikita mutane: wannan ce ko ta sama? Mun zaɓi lokacin tara saboda kowa yana waje, kuma mun ce ƙofar laburare maimakon ofishin malamai, don mun san akwai ɗalibin da ko kyauta zai kai ba ya son shiga ofis. Amma fa kafin mu rubuta wannan sai da muka je muka nemi izinin malamin laburare, ya yarda zai fitar da tebur, mu kuma biyu daga cikinmu za su zauna a wurin. Kada ku taɓa rubuta wuri da lokaci a silaid ba ku shirya da mai wurin ba. Idan mutane suka zo suka tarar da ƙofa a kulle, ba za su sake amsa kiranku ba.

Layin ƙarshe ɗan tukuici ne. Mutum yana son ya san sunansa zai zauna a makaranta bayan ya tafi.

Akwai kuskuren da ya fi na furanni yawa a wajen masu ƙwazo, wato cika shafin da buƙatu. A kawo littattafai, a shiga ƙungiya, a faɗa wa iyaye, a zo shara ranar Asabar. Duk abubuwa ne masu kyau, amma an ce taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Ku zaɓi wanda in an yi shi kaɗai za ku ce taron ya biya kuɗin man janareta. Sauran ku ajiye su sai an zo teburin.

Sannan ku tambayi kanku: waɗanda ke zaune a ɗakin nan, za su iya yin abin da muke nema? Wani abokinmu ya so mu sa lambar QR da za a ɗauka da waya a cike fom. A jami'a wannan yana aiki, domin kusan kowa wayarsa na hannu. A makarantar kwana da aka hana riƙe waya kuwa, ado ne kawai. Haka idan iyaye ne a gabanku a taron iyaye da malamai, ba littafi za ku nema ba, wataƙila abin da za ku rubuta shi ne su sa hannu a takardar da ke bakin ƙofa kafin su fita. Gabatarwa ɗaya ce, amma shafin ƙarshe yana canzawa da canjin masu sauraro.

Wajen tsara shi a kwamfuta babu wahala. A PowerPoint ku shiga New Slide ku zaɓi Title Only, ku sa umarnin a matsayin kan magana da girman rubutu 44, bayanan rana da wuri kuma a ƙasa, kada su gaza 28. Baƙin rubutu a kan fari, ko fari a kan shuɗi mai duhu. Ku tuna ɗakunan taronmu da yawa ba su da labule, hasken rana yana cinye launi, rubutu ruwan ɗorawa a kan fari ɓacewa yake yi ɗungum. Hoto ba dole ba ne. In za a sa, to ya zama na wurin da za a je. Mu hoton ƙofar laburaren muka sa, ƙarami, a gefe. Idan har zuciya ba ta yarda a bar godiya ba, a rubuta "Mun gode" da ƙananan baƙaƙe a can ƙasa.

Yadda za ku gane ko shafin ya yi shi ne ku gwada shi a kan wanda bai san zancen ba. Ku tsayar da shi a ƙarshen aji, ku nuna masa na daƙiƙa biyar, ku rufe, ku ce: me aka ce ka yi, yaushe, a ina? Idan ya amsa duka uku, shi ke nan. Idan ya fara da "kamar dai...", ku koma ku rage kalmomi. Ƙanin ɗaya daga cikinmu, ɗan aji biyu, shi ya yi mana wannan gwaji, kuma shi ya sa muka cire wani layi na biyar da muka cusa game da irin littattafan da aka fi so.

Wani ɗan abu da ke ɓata aikin duka: in kun kai shafin ƙarshe kuka sake danna maɓalli, allon zai koma baƙi da rubutun "End of slide show, click to exit." Mai riƙe da kwamfuta yakan yi haka ba da niyya ba, don hannu ya saba. Maɓallin kibiyar hagu zai dawo da ku. Mu dai yanzu mukan zaɓi shafin mu danna Ctrl+D, ya zama biyu iri ɗaya, ko an yi kuskuren dannawa babu wanda zai lura. Haka kuma idan wani ya yi tambayar da ta sa kuka koma silaid na biyar, da kun amsa ku danna End ku dawo na ƙarshe. Kuma tunda wuta ba ta da alƙawari, ku rubuta layukan nan huɗu a kwali da maka ku riƙe a jaka.

Za ku iya cewa, to idan aikin aji ne fa, malami ya ce a yi bayani kan zaizayar ƙasa don a ba da maki? A nan ba sai kun ƙirƙiro wani kira na dole ba. Ya isa ku rubuta babban abin da kuka gano a jimla ɗaya, ko ƙaramin aiki na gaske, kamar a duba bayan ajinmu gobe a ga inda ruwan sama ya fara cin ƙasa.

Ranar da muka koma, da muka iso shafin ƙarshe ba mu yi sauri ba. Muka karanta shi da ƙarfi sau ɗaya, muka ce duk wanda zai kawo ya ɗaga hannu, muka ɗan yi shiru har hannaye suka tashi, sannan muka ce mun gode. Ranar Juma'a kafin a kaɗa ƙararrawar komawa aji, kwalin taliyar da muka zo da shi ya cika, sai da malamin laburare ya aika kicin a samo mana wani.